Jini yana kwanciya a jikina ba tare da na bugu ba: ciwon jini ne?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekaruna 27, ina zaune a Jidda. Wata shida ke nan ina ganin jini ya kwanta a cinyata da damtsena, alhali ban tuna na bugu da komai ba. Wurin yakan yi baƙi, sannan ya washe zuwa rawaya-rawaya, kafin ya ɓace wani ya fito. Al'adata tana kai kwana takwas tun ina budurwa, kuma ina shan burufen saboda ciwon mara. Na yi gwajin jini a mustausaf, aka ce ba komai sai ƙarancin jini kaɗan. Ina tsoron kada sankarar jini ce.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Bari in fara da abin da ya fi damun ki. Sankarar jini da ta kai matsayin sa jini ya riƙa kwanciya a fata da wuya ƙwarai ta bar gwajin ƙwayoyin jini lafiya lau, kuma nau'inta mai saurin tsananta ba ta ɗaukar wata shida tana wasa da mutum yana harkokinsa. Saboda haka ba ita ce ke gaba a zato ba. Amma wannan "ba komai" da aka ce miki bai isa a rufe maganar ba, domin akwai matsalolin daskarewar jini waɗanda gwajin da aka saba yi ba ya ganin su ko kaɗan, kuma tsawon al'adarki yana nuni zuwa can.

Kwanciyar jini tana faruwa ne idan ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata suka fashe, jini ya tsiyayo cikin nama, fatar kuwa ba ta tsage ba. Irin wannan fashewa tana faruwa a jikin kowa kullum: gefen gado, hannun ƙofa, ƙafar yaro da aka goya, igiyar jaka mai nauyi a damtse. Abin da ya sa ba kowa ke ganin tabo ba shi ne jiki yana toshe ɓular kafin jinin ya taru. Abubuwa uku ne ke wannan aiki. Na farko bangon jijiyar da naman da ke tallafe da ita. Na biyu filatilet, ƙananan ƙwayoyin da a asibitocin nan za ki ji ana ce musu safa'ihi, waɗanda ke rugawa su manne a bakin ɓular cikin 'yan mintuna. Na uku sinadaran daskarewa da ke yawo cikin jini, akasarinsu hanta ce ke yin su, su ne ke saƙa zare a kan toshiyar ta yi ƙarfi. Kamar randa ce ta tsage: filatilet su ne tsumman da aka fara cusawa, sinadaran kuwa simintin da aka bi da shi. Duk mai yawan kwanciyar jini, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya yi rauni, ko kuma babu wanda ya yi rauni, fatarsa ce kawai mai saurin nunawa.

Game da launi, abin da kike gani jiki ne ke kwashe jinin da ya zube. A kwana ɗaya ko biyun farko wurin ja ne ko shunayya, domin jinin sabo ne. Daga kwana na biyu zuwa na biyar yakan koma shuɗi mai duhu ko baƙi, saboda iskar da ke cikin jinin ta ƙare. Daga nan fararen ƙwayoyin jini su fara narkar da jan sinadarin jinin, himogulobin, ya fara zama wani abu kore, wajen kwana biyar zuwa bakwai, sannan ya zama bilirubin mai launin rawaya, wanda shi ne dai ke sa idon mai shawara ya yi ɗorawa. Ƙarshe sai ƙarfen da ke cikin jinin ya rage a wurin, ya ba da ruwan ƙasa, ya dusashe. Ƙaramin tabo yakan gama wannan tafiya cikin mako biyu. Babba, ko wanda ke ƙasa da gwiwa, yana iya kai mako uku zuwa huɗu. Washewar takan faro daga gefe ta shigo tsakiya, shi ya sa tabo ɗaya zai iya zama baƙi a tsakiya, rawaya a baki-baki.

Waɗannan kwanaki kimantawa ce kawai. Tabo biyu da suka samu a rana ɗaya a jikin mutum ɗaya suna iya bambanta launi, gwargwadon zurfinsu da yawan jinin da ya zuba. Abin da binciken da aka buga a 1991 ya iya tabbatarwa kaɗan ne: idan an ga rawaya, tabon ya wuce awa 18. Sauran launukan ba su da tsayayyen lokaci. Kuma akasarin bayanin launi da ke cikin littattafai a kan farar fata aka yi shi. A fatarmu, ja da kore sau da yawa ba sa fitowa sam. Abin da ake gani shi ne wuri ya fi kewayensa duhu, ya ɗan tasa, yana zafi idan an danna, daga baya ya yi ruwan ƙasa. Wani lokaci duhun yakan zauna wata da watanni bayan jinin ya tafi, wannan kuma rinin fata ne, ba sabon zubar jini ba. Idan kina son dubawa sosai, ki duba da hasken rana, ki kwatanta da wuri irinsa a ɗaya ɓangaren jikin, ki kuma shafa ki ji ko akwai tauri.

Akwai dalili biyu da ke sa mutum ya rantse bai bugu ba alhali ya bugu. Jinin da ya zuba a can cikin nama yana ɗaukar kwana ɗaya ko biyu kafin ya taso inda ido zai gan shi, lokacin an manta da bugun. Sannan jini yana gangarowa ƙasa: wanda ya bugu a goshi zai iya wayar gari da baƙi a kewayen ido, wanda ya bugu a ƙwauri ya ga duhu a idon sawu.

To tunda launi ba ya faɗa mana abin kirki, me likita ke dubawa? Wuri, girma, abokan tafiyar tabon, da kuma ko sabon abu ne ko tun yarinta.

Wurin da tabon yake yana da muhimmanci ƙwarai. Ƙwauri, gwiwa, wajen cinya da bayan hannu wurare ne da ke karo da abubuwa. Mata da yawa masu ƙoshin lafiya suna samun tabo a cinya da damtse, ƙanana, musamman dab da al'ada, duk gwaje-gwajensu kuma su fito daidai, domin fatar mace ta fi ta namiji laushi kuma kitsen da ke ƙarƙashinta ba ya riƙe jijiyoyi da ƙarfi. Amma tabo a gadon baya, ciki, ƙirji, wuya, fuska ko bayan kunne, ba tare da bugu ba, wannan ba na yau da kullum ba ne. A wajen girma, ma'aunin da likitocin jini ke amfani da shi shi ne tabo biyar ko fiye a lokaci guda, kowanne ya wuce santimita ɗaya. Tabon da ya kai faɗin tafin hannu, ko wanda ke da dunƙule mai tauri a ƙarƙashinsa ba tare da wani bugu mai ƙarfi ba, shi kaɗai ma ya isa a bincika.

Akwai wani nau'in da nake so ki iya gane shi, domin ya fi babban tabo hatsari ko da yake ya fi shi ƙanƙanta. Ɗige-ɗige ne kamar an ɗiga da bakin allura, ba su wuce milimita biyu ko uku ba, ba su tasa ba, ba sa ƙaiƙayi, suna fitowa da yawa a ƙafafu, idon sawu, ko inda roba ko zani ya matse. Idan aka danna gefen kofin gilas a kansu ba sa ɓacewa, saɓanin ƙuraje ko cizon sauro da ke washewa. A baƙar fata suna da wuyar gani, don haka a duba cikin leɓe, ganɗa, ƙarƙashin harshe, cikin fatar ido ta ƙasa, tafin hannu da tafin ƙafa, inda lalle bai rufe ba. Waɗannan ɗige-ɗige yawanci suna nufin filatilet sun yi ƙasa sosai. Idan aka ga ƙullutun jini baƙi a cikin kumatu ko a harshe, ba a kwana da shi a gida.

Abokan tafiya su ne sauran wuraren da jini ke fita. Haɓon da ke wuce minti 10 duk da an matse hanci, ko wanda ke dawowa akai-akai. A nan Jidda da Makka sanyin na'ura da bushewar iska suna sa haɓo, amma irin wannan gajere ne, yana tsayawa da matsi. Dasashi mai zubar jini haka kawai, ba sai da asuwaki ko buroshi ba. Yankan wuƙa ɗan kaɗan da ke tsiyaya fiye da minti 10. Cire haƙori da ya sa aka koma wurin likita saboda jini ya ƙi tsayawa, ko ya tsaya ya dawo da daddare. Zubar jini mai yawa bayan haihuwa ko ɓari har aka yi ƙarin jini. Sai al'ada mai nauyi, wadda ma'auninta shi ne ta wuce kwana bakwai, ko a riƙa sauya auduga kowace awa ɗaya ko biyu, ko a tashi cikin dare a sauya, ko gudajin jini su fi girman sulallan riyal. Matsalar ita ce, idan ciwon na gado ne, uwa da inna da yaya duk haka suke yi, sai yarinya ta taso tana ganin kwana takwas ko tara shi ne daidai, ba wanda zai ce mata ta ga likita.

Yanayin zubar ma yana nuna wane ɓangare ne ya yi rauni. Idan filatilet ne, jinin yana fita a fata da hanci da baki da mahaifa, kuma nan take bayan rauni. Idan sinadaran daskarewa ne, kamar a himofiliya, jinin yana taruwa can ciki, a gwiwa, gwiwar hannu, idon sawu ko cikin tsoka, kuma yakan zo bayan awoyi. Himofiliya ta fi kama maza, kusan ɗaya cikin 5,000 na jarirai maza a nau'in da ya fi yawa, tana biyowa ta wajen uwa, shi ya sa ake tambayar ko akwai kawu ko ɗan'uwa da jininsa ya ƙi tsayawa bayan kaciya. Macen da ke ɗauke da ƙwayar gadon ita ma tana iya samun al'ada mai nauyi da saurin kwanciyar jini. Akwai kuma wasu cututtukan filatilet da na sinadarai da ba sa bayyana sai ɗa ya gado daga uwa da uba duka, waɗannan sun fi yawa inda ake auren zumunci. Ki gaya wa likita idan iyayenki 'yan'uwan juna ne.

Yanzu mu ɗauki naki daki-daki. Abu biyu ne suka haɗu: al'ada mai tsawo tun farko, da kwanciyar jinin da ta ƙaru a 'yan watannin nan. Tsohon abu yana nuna gado, sabon abu yana nuna wani abu da ya shigo, kuma abin da ya fi shigowa shi ne magani. Burufen, boltarin, fonstan da danginsu suna rage mannewar filatilet, amma tasirin burufen yana gushewa cikin kwana ɗaya ko makamancin haka bayan an daina. Asfirin ya fi su, domin filatilet ɗin da ya taɓa ba ya farfaɗowa har ya mutu, sai jiki ya yi sababbi, kwana bakwai zuwa goma. Ga mace mai lafiyayyen jini waɗannan magunguna ba sa yin wani abin a-zo-a-gani, burufen da danginsa ma har suna rage jinin al'ada. Amma ga wadda take da ɓoyayyen rauni a daskarewa, su ne ke tona shi. Ki duba kwalayen maganin mura da ciwon kai da ake saya a saidaliyya, wasu akwai asfirin ko burufen a ciki.

Akwai tambayar da mata ba su cika son amsa ta ba, amma dole a yi ta: man shafawa na ƙara haske da ƙwayoyin ƙiba. Da yawa daga cikin mayukan da ake haɗawa akwai kotizon mai ƙarfi a ciki, ƙwayoyin ƙibar da ake sayarwa a ɓoye, a nan da Sudan, su ma sau da yawa deksametazon ne, wanda shi ma dangin kotizon ne. Kotizon yana sirantar da fata, yana raunana naman da ke tallafe da jijiyoyi, sai ƙaramin matsi ya bar tabo, gwajin jini kuwa ya fito ƙalau. Alamarsa ita ce fata ta yi sheƙi, jijiyoyi su fito ɓaro-ɓaro, nankarwa masu faɗi su bayyana, fuska ta yi kumburi. Wadda ta daɗe tana shan ƙwayoyin kada ta yanke su rana ɗaya, hakan na iya jefa ta cikin hatsari, likita ne zai rage mata a hankali. Wasu magungunan damuwa, da man kifi, da yawan shan ƙwayoyin tafarnuwa su ma suna ƙara saurin tabo. Wanda kuma likita ya ɗora a kan asfirin, wafarin ko wani maganin tsinka jini saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ba ya dainawa da kansa don ya ga tabo. Ya koma a duba shi.

Ki ɗauko takardar gwajin da aka yi miki, ki duba layi uku. `HGB` shi ne yawan jini, ga mace ana so ya kai 12. `WBC` fararen ƙwayoyi ne, daidai shi ne tsakanin 4 da 11. `PLT` su ne filatilet, daidai 150 zuwa 450, kuma kowane ɗaya yana nufin dubu, wato 310 na nufin 310,000. Ga yadda fassarar ke bambanta.

A ce an samu `HGB` 10.4, `WBC` 6, `PLT` 310. Wannan shi ne ya fi kama da abin da aka gaya miki. Ɓargo, inda ake yin ƙwayoyin jini, yana aiki, filatilet sun wadata a ƙidaya, sankara ta yi nisa. Ƙarancin jinin mai yiwuwa na ƙarancin sinadarin ƙarfe ne saboda asarar da ake yi duk wata, gwajin feritin ne zai tabbatar. Sai dai ƙidaya ba ta nuna ko filatilet suna mannewa yadda ya kamata. Mataki na gaba shi ne `PT` da `APTT`, waɗanda ke auna sinadaran daskarewa. Idan `PT` ya yi tsawo ana duba hanta, ƙarancin bitamin K, ko wafarin. Idan `APTT` kaɗai ya yi tsawo ana duba himofiliya da danginta. To amma ko su biyun sun fito daidai, akwai ciwon da ke iya ɓuya a bayansu, kuma shi ne ciwon zubar jini na gado da ya fi kowanne yawa: ciwon Bon Wilibiran, mai sunan likitan ƙasar Finlan da ya fara bayyana shi a 1926. Yana kama maza da mata, amma mata suka fi jin jiki saboda al'ada da haihuwa. Sinadarin da ke ƙaranci a cikinsa shi ne mai manna filatilet a bangon jijiya, don haka filatilet suna nan da yawansu amma ba sa kamawa da kyau.

Gwajinsa daban ne, sai an nema da suna, a takarda za ki ga `VWF`, ana auna yawansa da ƙarfin aikinsa tare da sinadarin daskarewa na takwas. Ƙasa da 30 cikin 100 yana tabbatar da ciwon. Tsakanin 30 da 50, idan akwai tarihin zubar jini, ana ɗaukar mutum a matsayin mai shi. Inda ake yawan kuskure shi ne wannan sinadari yana hawa da sauka. Juna biyu, ƙwayar tsarin iyali mai ɗauke da istirojin, zazzaɓi, motsa jiki, har fargabar allura suna ɗaga shi, sai gwajin ya nuna lafiya alhali ba haka ba. Masu rukunin jini O kuma nasu yakan yi ƙasa da na sauran mutane da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Idan samfurin ya daɗe a hanya cikin zafi kafin ya isa ɗakin gwaji, sakamakon yana lalacewa. Saboda haka ana yin sa a babban asibiti mai sashen cututtukan jini, lokacin da mutum ke cikin ƙoshin lafiya, kuma idan tarihi yana da ƙarfi sakamako ya fito daidai, ana maimaitawa. Idan shi ma ya fito lafiya sau biyu, sai a auna aikin filatilet ɗin kansu, bayan an yi aƙalla kwana goma ba a sha asfirin ko danginsa ba.

Amfanin gano shi babba ne kuma maganinsa ba mai wahala ba ne ga yawancin masu shi. Ƙwayar tiraneksamik asid a kwanakin al'ada tana rage zubar sosai, haka magungunan homon ko robar mahaifa mai homon. Kafin cire haƙori ko tiyata ana ba da desmofiresin ga waɗanda yake yi wa aiki, ko a ƙara musu sinadarin ta jijiya. Inda sanin ya fi amfani shi ne haihuwa: sinadarin yana hawa lokacin ciki, ya faɗo cikin kwanakin da ke bin haihuwa, sai jini ya ɓalle wa mai jego bayan mako ɗaya ko biyu, lokacin tana gida ana ganin komai ya wuce.

A ce kuma takardar ta nuna `PLT` 28, sauran layukan daidai. Abu na farko shi ne a duba jinin a madubin likita, domin a wasu mutane filatilet suna dunƙulewa a cikin kwalbar gwaji mai murfi shunayya, na'ura ta ƙidaya su kaɗan, alhali lafiyarsu ƙalau. Sai a sake ɗiba a kwalba mai shuɗin murfi. Idan da gaske ne, abin da ya fi yawa ga budurwa ko matashiyar mace shi ne garkuwar jiki tana cinye filatilet, a takarda `ITP`, kuma ana haɗawa da gwajin ciwon hanta nau'in C, ƙanjamau da lufus, ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jikin kansa. Idan `PLT` ya haura 50 da wuya jini ya zuba sai da rauni ko tiyata. Ƙasa da 20, musamman ƙasa da 10, jini yana iya zuba da kansa, har a cikin kai.

Idan kuwa `PLT` ya yi ƙasa, `HGB` ya faɗi zuwa 7 ko 8, `WBC` ya hau sosai ko ya faɗi sosai, to matsalar tana cikin ɓargo, kuma nan ne ake maganar sankarar jini ko mutuwar ɓargo. Mai irin wannan ba tabo kaɗai yake da shi ba. Cikin 'yan makonni yakan yi fari fat, yana haki da ɗan tafiya, zazzaɓi yana dawowa, ƙashi yana ciwo, dasashi ya kumbura, kaluluwa ta fito a wuya ko hammata, zufa ta jiƙa shi da dare. Wannan ranar ake kai shi wurin likitan jini.

Zazzaɓi yana sauya lissafin gaba ɗaya, musamman a inda muke. Dengi yana nan a Jidda tun 1994, yana kuma Makka da Jazan, haka a Fot Sudan, Kasala da Gadarif. Yana sauke filatilet tsakanin kwana na uku da na bakwai, kuma lokacin hatsarin shi ne daidai sa'ad da zazzaɓin ya sauka ana murnar an samu sauƙi. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a dasashi ko hanci, ko kasala mai yawa a wannan lokaci, asibiti ne kai tsaye. Ba a shan burufen ko asfirin a zazzaɓin da ake zargin dengi ne, farasitamol kawai. Zazzaɓin cizon sauro ma yana sauke filatilet. Wanda ya fito daga yankin Gadarif da zazzaɓi na makonni, rama da kumburin saifa, a duba shi don kala'azar. Wanda kuma ya yi watanni biyu ko uku ba ganye ba 'ya'yan itace, kamar yadda ke faruwa ga waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, ƙarancin bitamin C yana sa dasashi ya kumbura ya yi jini, ɗige-ɗige su fito a gindin gashin ƙafa, kuma yana warkewa da sauri idan an ba da bitamin ɗin.

Wasu abubuwa suna kama da kwanciyar jini amma ba ita ba ce. Idan baƙin tabo mai zagaye yana dawowa a wuri ɗaya tak duk lokacin da aka sha wani magani, yana ƙaiƙayi ko zafi kafin ya yi duhu, wannan rashin jituwa da maganin ne, kuma magungunan ciwo suna cikin masu jawo shi. Idan kuma dunƙule-dunƙule ne masu zafi a gaban ƙwauri, waɗanda ke dusashewa kamar tabon bugu, kumburin kitsen fata ne, ana neman sanadinsa a ciwon maƙogwaro, tarin fuka, ciki ko ƙwayar tsarin iyali.

Kafin ki ga likita, ki bar burufen da danginsa na mako huɗu zuwa shida, ki koma farasitamol, miligiram 500 zuwa 1,000 kowace awa shida idan da buƙata, kada ya wuce giram huɗu a yini. Kowane sabon tabo ki ɗauki hotonsa da hasken rana, ki ajiye sulalla a gefensa don a ga girma, ki rubuta ranar da wurin. A al'ada biyu masu zuwa ki ƙidaya kwanaki da yawan audugar da kika sauya kowace rana. Ki tambayi mahaifiyarki da 'yan'uwanki mata yadda al'adarsu da haihuwarsu suke, da ko an taɓa yi wa wani ƙarin jini. Da wannan bayani a hannu ki nemi a tura ki wurin likitan cututtukan jini, ki ce masa kina so a duba `PT`, `APTT`, feritin da `VWF`. Har sai an gama binciken, kada ki yi ƙaho, kada a yi miki allurar tsoka sai ta zama dole, kuma ki sanar da likitan haƙori kafin ya taɓa ki.

Sabon tabo mai zafi, ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini, a kwana biyun farko, ki ɗaga wurin idan ƙafa ce. Gashi da ruwan zafi da tausa a wannan lokaci suna buɗe jijiyoyi su ƙara zubar. Sai bayan kwana biyu ɗumi ke taimakawa.

Abubuwan da ba a jira da su: ɗige-ɗigen da ba sa ɓacewa tare da zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani ko ruɗewa ko amai ga mai yawan tabo, baƙin bayan gida kamar kwalta, jini a fitsari ko amai, haɓon da ya ƙi tsayawa bayan minti 20 na matsi, al'adar da ke jiƙa auduga kowace awa tare da jiri, da gaɓar da ta kumbura ta yi zafi haka kawai. A nan Saudiyya lambar motar asibiti 997 ce, ta neman shawarar likita kuma 937. Idan kuma jariri ne da bai fara rarrafe ba aka ga tabo a jikinsa, ko da ɗaya ne, a kai shi asibiti ranar, domin jaririn da ba ya motsawa da kansa ba shi da hanyar buguwa: ko jininsa ne ke da matsala, kamar ƙarancin bitamin K ga wanda aka haifa a gida ba a yi masa allurar ba, ko kuwa wani ne ya ji masa rauni.